Wasiƙa zuwa ga Yaya Sani game da riƙon yara

Kurna, Kano
12 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Yayana Malam Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman Abdullahi da yara baki ɗaya, da fatan kuma damina tana tafiya yadda ake so. Mu a nan lafiya lau muke, sai jikin Inna da ke nan yadda ka bar shi, yau da sauƙi gobe babu, muna dai ta addu'a.

Dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne maganar da ka yi mini bayan Babbar Salla, ranar da muka zauna a ƙofar gidan Kawu a Malumfashi, cewa kana so Abdullahi da Hauwa'u da Sadiƙu su dawo hannuna a Kano su zauna har su kammala sakandare. A ranar na ce maka za mu duba, kuma dole in fara da neman gafararka a kan wannan amsa, domin tun muna zaune na san abin zai yi wuya, nauyinka ne kawai ya hana ni faɗa. Na bar ka fiye da wata guda kana jira, wataƙila har ka fara shirya wa yaran kaya, alhali da na yi magana tun wuri da ka samu lokacin neman wata hanya kafin a koma makaranta a watan Satumba. Wannan kuskurena ne, ba na kowa ba.

Yaya, bayan na yi dogon tunani, na yi istihara, na kuma yi shawara da Inna, na ga cewa ba zan iya karɓar riƙon yaran nan ba a halin da nake ciki yanzu. Na zaɓi in faɗa maka kai tsaye, ba tare da kewaye-kewaye ba, domin kada ka karanta takardar nan har ƙarshe kana tsammanin akwai wata ƙofa da na bari a buɗe.

Na san abin da ya sa ka nemi wannan alfarma, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, babu uban da ke yankinmu da hankalinsa ya sake kwanciya sosai a kan karatun 'ya'yansa. Kai kuma ka bar gidanka na gado da rumbunanka ka dawo Malumfashi kana zaman haya, gonar ma sai ka yi dabara kafin ka leƙa ta. Na san kuma cewa idan akwai mutumin da bai kamata ya ce maka a'a ba a kan maganar riƙo, to ni ne. Ina ɗan shekara 9 mahaifina ya rasu, Baffa, Allah ya jiƙansa, ya ɗauke ni ya haɗa ni da ku, kuma a iya sanina bai taɓa bambanta ni da kai ba ko a kwanon tuwo ko a kayan salla. Tabarma ɗaya muka kwana a kai a zaure shekara da shekaru, kai ne ka koya mini riƙe fartanya, kai ne kuma ka raka ni tasha ranar da na tafi kwalejin horon malamai. Ban manta da ko ɗaya ba, kuma shi ya sa wannan takarda ta fi ƙarfin a yi ta ta waya.

Sai dai idan na tuna gidan Baffa, ina tuna abin da ya sa riƙo ya yiwu a cikinsa. Akwai zaure inda samari ke kwana, akwai ɗakunan mata daban, akwai hatsi a rumbu da ke kaiwa wata kaka, kuma ko Baffa ya tafi kasuwa akwai idon manya biyar ko shida a kan kowane yaro. Ni abin da nake da shi ɗaki biyu ne da falo, a gidan haya da muke raba tsakar gida da banɗaki da wasu iyalai biyu. Ɗaki ɗaya Inna ce a ciki tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta bara, Fatima da A'isha suna kwana a gefenta domin su tashe mu idan ta buƙaci wani abu da dare. Ɗayan ɗakin ni da Maman Fatima ne da ƙaramin, Umar kuwa falo yake shimfiɗa idan an kashe fitila. Mu bakwai ke nan, kuma in Allah ya sauke ta lafiya, a watan Nuwamba za mu zama takwas.

Ba ƙunci kawai nake ji ba, domin ƙunci an saba da shi. Abdullahi yana shekara 14, Fatima tana 13, kuma duk da cewa 'yan uwa ne, kai ma ka san ba muharraman juna ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma, ni kuwa na auna gidan nan ta kowace fuska ban ga inda zan raba su ba. Ba ina zargin yaran da komai ba ne, Allah ya sani tarbiyyar Abdullahi abin yabo ce, amma haƙƙinsa ne da na ƙannensa mata kowa ya samu wurin da zai suturta kansa.

Sannan akwai maganar ido, wadda ita ce ta fi damuna. Ina fita bayan sallar asuba in tafi makarantar da nake koyarwa, idan an tashi in wuce Kantin Kwari inda nake riƙe wa wani ɗan kasuwa lissafi, ba na shigowa gida sai bayan isha'i. Ranar da za a kai Inna gashi a Asibitin Murtala kuwa, Maman Fatima ce ke tafiya da ita, gidan ya zauna a hannun Fatima. Yaro mai shekarun Abdullahi, baƙo a gari, ba zai zauna a falo daga la'asar zuwa dare ba, dole ya fita ya yi abokai, kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai lungunan da ke kusa da mu waɗanda ko Umar ba na yarda ya bi ta cikinsu saboda shaye-shaye da faɗan daba. A Malumfashi, duk da halin da ake ciki, idan ya yi dare kana sani, Kawu yana sani, maƙwabta sun san ɗan wane ne. A nan zai iya yin wata uku a kan mummunar hanya kafin labari ya iso kunnena. Idan ka ba ni amanar yaro lafiyayye na mayar maka da shi a lalace, ban san da wane ido zan dube ka ba, balle abin da zan faɗa gaban Allah.

Maganar kuɗi ba zan tsawaita ta ba, tunda ka ce za ka riƙa aiko da masara da wake, kuma na san za ka cika. Abin da kawai zan ce shi ne a Kano hatsi ba shi ne babban nauyi ba. Ruwa saye muke yi a wurin 'yan ga-ruwa, gawayi saye, kuɗin adaidaita sahu ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, mai gidan kuma ya ƙara haya zuwa naira 350,000 a bana, ya ma fara ƙorafi a kan yawan mutane. Abin da nake tsoro shi ne in karɓe su cikin kunya, a yi zango ɗaya ko biyu abin ya gagara, in sako su a mota a tsakiyar shekarar karatu. Wannan zai fi yi wa yaran illa, zai kuma bar tabo tsakaninmu wanda a'a ta yau ba za ta bari ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ina roƙonka abu ɗaya musamman. Na san yadda irin wannan magana take yawo a dangi, kuma na san wadda za a fara nunawa da yatsa. Don Allah kada a ɗora wa Maman Fatima laifi. Da na gaya mata buƙatarka, cewa ta yi a kawo ko Hauwa'u ce ita kaɗai, ni ne na ƙi, domin na san da jinyar Inna da jego mai zuwa, yarinyar za ta ƙare a wanke-wanke da raino ne maimakon karatun da aka kawo ta dominsa, ko da kuwa babu wanda ya yi nufin haka. Shawarar tawa ce, idan akwai mai jin haushi to ni zai ji.

Abin da zan iya yi kuwa, zan faɗe shi daidai gwargwadon ƙarfina don kada in sake yin alkawarin da ba zan cika ba. Daga ƙarshen wannan wata zan riƙa aiko maka da naira 15,000 duk wata domin karatun yaran, kuma kayan makarantarsu da littattafan farkon shekara suna wuyana. Hauwa'u tana shiga aji shida a bana, saboda haka idan lokacin jarrabawar shiga makarantun gwamnatin tarayya ya zo ni zan yi mata rajista, mu nema mata kwalejin 'yan mata ta tarayya da ke Bakori, wadda ba ta da nisa da ku, idan hankalinka ya kwanta da makarantar kwana. Idan bai kwanta ba, sai mu duba ta jeka-ka-dawo a cikin gari. A wannan dogon hutu kuma muna maraba da Hauwa'u da Sadiƙu su zo su yi mako biyu a watan Agusta, su ga kakarsu, ni da kaina zan mayar da su. Maganar Abdullahi ta fi buƙatar zama, domin ina ganin zai yi kyau a haɗa masa karatu da koyon sana'a a nan kusa da kai, kuma kuɗin shigarsa wurin mai koyarwa zan ɗauki rabi.

In Allah ya yarda ranar Asabar 26 ga wata zan shigo motar safe in zo Malumfashi, domin mu zauna mu yi maganar baki da baki, in kuma ba Maman Abdullahi haƙuri da kaina. Idan kana ganin ya dace Kawu ya kasance a wurin, sai ka sanar da shi kafin in iso. Inna tana gaishe ka, ta ce a gaya maka ta ji maganar tun farko kuma tana sa wa yaran albarka. Ka gaishe mini da Kawu da Gwaggo da sauran mutanen gida.

Wassalam.

Ƙaninka,
Musa