Waƙar Ban Kwana ga Mama, Shugabar Ɗakin Haihuwa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe dagaci, iyayenmu mata, abokan aiki, da ke Mama da muka taru dominki, barkanmu da yamma.

Da 'yan kwamitin walima suka ce ni zan yi magana a madadin ƙananan ma'aikata, jawabi na rubuta mai tsawo. Labari ya kai kunnen Mama, sai ta aiko a gaya mini cewa in na cika zuga za ta tashi ta koma ɗakin awo, kuma duk wanda ya san ta ya san za ta aikata. Shi ya sa na matse jawabin ya koma waƙa 'yar ƙwar huɗu, baiti 18, amsa-amonta "wa". Na cire duk wani kirari. Abin da idona bai gani ba, ko abokan aikina ba su shaida ba, bai shiga ba.

Ga baƙinmu da ba su san tarihin ba: Mama ta kama aiki a 1990, lokacin nan garin yana cikin jihar Kano, sai a 1991 aka yanke Jigawa. Bana ta cika shekara 35, doka ta ce ta huta. A hannunta aka ga sauye-sauye da dama. Da ana cewa mai ciki ta zo awo sau 4, daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shawarar zuwa sau 8, kuma Mama ce ta bi gida-gida tana lallashin magidanta su bar matansu su fito. Ita ta sa muka haddace cewa awon jini in ya kai 140 bisa 90 a jikin mai ciki ba abin wasa ba ne, domin daga nan jijjiga take samun ƙofa.

Za ku ji na ambaci Jahun. Babban asibitin can ne muke tura wadda naƙudarta ta yi tsawo ko jini ya ɓalle mata, inda likitocin agaji na MSF suke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008. Sabuwar ungozoma tana jin kunyar tura mace gaba, gani take kamar ta kasa. Wannan kunyar ce Mama ta fi yaƙa a cikinmu, kuma a ganina mata da yawa da ke zaune a nan yau suna raye ne saboda haka. Ruwan da na ambata kuwa ambaliyar 2022 ce, ba sai na tuna wa kowa ba. Yaron da ke baiti na tara, mahaifiyarsa tana nan, da izininta na sa shi.

Mama, ga ta.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da rai, Mai rayarwa,
Salati ga Manzo mai shiryarwa,
Da alayensa da 'yan'uwa.

Mama, ki yi haƙuri ki zauna,
Ba kirari zan yi ba, kin san halina,
Abin da ido ya gani zan nuna,
Shi kaɗai zan faɗa wa kowa.

Mun zo miki da takardar shaida,
Kanmu cike da karatun hadda,
Kika ce, "To, ku ajiye takarda,
Ku fara koyon gaisuwa.

"Mai ciki in ta shigo a gaishe ta,
A ba ta kujera, a ji sunanta,
Kafin a ɗaura awo a hannunta
A bari ta samu natsuwa."

Ba ki taɓa tsawa ga mai naƙuda ba,
Ba ki bar wata cikinmu ta yi ba,
Kin ce, "Zafin da take ji bai isa ba,
Sai kun ƙara mata damuwa?"

Ciwon kai da kumburin fuska,
Ido na dishi-dishi ko an haska,
Kin ce wa dangi su bar zancen iska,
Jini ne ya hau, ba a tsayawa.

Kin koya mana sanin iyaka,
Abin da ya fi mu kar mu yi shakka,
A rubuta takarda, mota ta ɗauka,
Kai ta Jahun ba ya zama gazawa.

Daren da wuta ta ɗauke tsakar aiki,
Fitilar waya na riƙe da baki,
Hannuna na rawa, na dubi naki,
Ko alama babu ta karkarwa.

Ɗa ya faɗo shiru, ba kuka,
Kika goge shi da zane, kika ɗauka,
Jakar numfashi kika sa, ya farka,
Yau shi ke damun unguwa.

Shekarar da ruwa ya cinye hanya,
Ba mota, ba babur, ba tafiya,
Kwale-kwale kika hau da jaka ɗaya,
Ke mai tsananin tsoron ruwa.

Kakanni sun ce a zubar da dakashi,
Kika ce jariri shi ne da abinshi,
Da wasa da raha kika sa aka ba shi,
Ba tare da kunyata tsohuwa.

Faɗa kam akwai shi, mun sha namu,
Kan katin awo da wankin hannunmu,
Amma sai kin ja ƙofa kin keɓe mu,
Ba kya yi gaban mai haihuwa.

Akwai waɗanda muka rasa, mun sani,
Ba zan kira suna ba a wannan yini,
Ke kika yafa mayafi kika ja ni,
Muka je har gida gaisuwa.

Sannu a hankali kika ja da baya,
Kika bar mu mu karɓa ɗaya-ɗaya,
Kina bakin ƙofa kamar mai tafiya,
Ashe shiri kike na rabuwa.

Can Gumel jikoki suna ta jira,
Ba sauran kwana zaune a kujera,
Ba mai buga ƙofa cikin dare da kira,
Ki yi barcinki har wayewa.

Sai dai wayarki kar ki kashe ta,
Lambar tuni mun haddace ta,
Ran da abu ya cije za mu neme ta,
Ki yi haƙuri da yawan bugowa.

Abin da muka yi miki ki yafe,
Na dare, na rana, har na safe,
Mu ma namu mun yafe, mun shafe,
Ko da yake ba shi da yawa.

Allah ya ba ki hutu da lafiya,
Da ladan kowane ɗa da ɗiya,
Ya kai ki Gumel, ya tsare hanya,
Ya jiƙan mahaifa, uba da uwa.

Amin summa amin. Na gode.