Umarnin bidiyon tallar man shafawa na Sanyin Raɓa

Maryam, ga abin da za ki rubuta wa manhajar AI mai ƙirƙirar bidiyo. Bayanin kwalba da na haske ki kwafe su a saman kowane yanki, kar ki sauya ko kalma ɗaya, domin da zarar bayani ya sauya za ta ƙirƙiro miki wata kwalbar daban. Ki ɗora hoton da muka ɗauka a shago ya zama mafarin kowane yanki.

Kwalba: Kwalbar gilashi guda ɗaya mai launin zuma, mililita 100, gajera mai faɗin kafaɗa, da baƙin murfi na dannawa. Takardar jikinta fara ce, ba rubutu. Tana tsaye a kan farin dutse mai santsi, bayanta bango ne mai launin ƙasa, ba ado.

Haske: Babbar fitila ɗaya mai laushin haske daga hagu, a kusurwar digiri 45, farin haske irin na rana, 5600K. A dama akwai farin allo mai rage duhun inuwa. Hasken bai ƙaruwa, bai raguwa, bai sauya launi daga farko har ƙarshe. Inuwar kwalbar ta faɗi dama ta tsaya a nan. Bidiyon tsaye, 9:16, hoto 24 a daƙiƙa, tsawon daƙiƙa 5, ɗauka ɗaya ba yankewa.

Yanki na 1: Kyamara daidai tsayin takardar kwalbar, tana matsowa gaba sannu a hankali a miƙe, gudunta bai sauyawa. Ta fara da kwalbar tana cin rabin allo, ta tsaya lokacin da murfi ya kusa kai saman allo. Kwalbar ba ta motsi. Bango ya ɗan dusashe.

Yanki na 2: Kyamara a kafe take. Kwalbar na juyawa kaɗan zuwa dama, digiri 30 kawai. Ƙyallin fitila a gilashin ya zauna a gefen hagu, kar ya bi juyin. A gindinta akwai ƙwallayen kaɗanya uku da ɗan curin man kaɗe a ƙaramar ƙwarya, su ma ba sa motsi.

(Kar ki ce ta juya gaba ɗaya. Manhajar ba ta taɓa ganin bayan kwalbar ba, ƙirƙira za ta yi.)

Yanki na 3: Daga kusa sosai. Kyamara na sauka a hankali daga bakin murfi zuwa gindi, ta tsaya a kan ɗigon farin mai da ke kan dutsen.

Abin da ba a so: girgizar kyamara, walƙiyar haske, hannu ko fuska, rubutu, kwalba ta biyu, murfi mai sauya siffa, hayaƙi, fantsamar ruwa.

Sunan kayan da farashi mu za mu ɗora a manhajar gyaran bidiyo ta CapCut bayan an haɗa yankunan. Manhajar AI ɗin na dagula haruffa, balle ɓ ɗin Raɓa.