Ƙawata Zainab, sannu, ya muka ji da wannan rizal ɗin

Assalamu alaikum Zee. Na san kin kashe waya kuma na san ko kin kunna ba kowa za ki ɗauka ba, shi yasa nace bari in rubuto miki kawai, duk lokacin da kika samu natsuwa ki karanta, ba sai kin ban amsa ba wlh.

Sannu ƙawata. Sannu. Ya muka ji da wannan abu? Allah Ya baki haƙuri, Ya sanyaya miki zuciya, Ya musanya miki da abinda ya fi alheri. Hafsa ce ta faɗa min da na kira layin Umma, tace tun da kika dawo daga kafe da takardar a hannu kika shige ɗaki kika ja ƙofa, ko tuwon dare baki taɓa ba, yau ma shayi kawai kika kurɓa. Wlh jikina yayi sanyi. Ba zan ce miki "ba komai" ba don da komai, ni shaida ce akan wahalar da kika sha, kina tashi tun kafin asuba ki kunna fitilar waya kina bita saboda babu wuta, ga sauro ga zafi, da azumi ma baki ajiye littafi ba. Wanda yayi wannan wahalar in ya buɗe rizal yaga E8 a lissafi dole yayi kuka. Kiyi kukanki, babu wanda zai ga laifinki, kuma ba rashin tawakkali bane.

Amma dan Allah in kin share hawaye ki ɗauko takardar nan ki sake kallonta tun daga sama, don na tabbata tun jiya layi ɗaya kawai idonki yake gani. Turanci C5. Bayoloji B3. Kemistiri C4. Fiziks C6, fiziks ɗin da kike cewa shi ne zai kayar da ke, gashi ya fito. Hausa A1, darasin addini B2. Zee mutane nawa ne a ajinmu suke neman kiredit a Turanci ido rufe? Ke kin samu a zaman farko, da guminki, babu wanda ya miƙo miki amsa ta taga. Sannan ga 228 da kika ci a JAMB cikin 400. Yarinyar da ta kawo wannan ba daƙiƙiya bace, kuma naji ance kin faɗawa Hafsa wai ke dama kanki baya ja, to ni ban yarda ba kuma kar in sake jin wannan maganar a bakinki dan girman Allah. Darasi ɗaya ne ya baki matsala. Ɗaya.

Ba zan ɓoye miki gaskiya ba tunda ke ba yarinya bace, kuma in na miki daɗin baki yau gobe za ki gane. Karatun jinya a BUK sai da kiredit biyar, Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, kiredit kuma daga C6 yake farawa zuwa sama, D7 da E8 basa shiga. Ko kwalejin koyon jinya kika nufa su ma waɗannan biyar ɗin za su tambaya. Kuma tunda WAEC kaɗai Abba ya samu ikon biya miki bana babu NECO da za a haɗa da ita, makin JAMB shi kuma na shekara ɗaya ne baya tsallakawa zuwa baɗi. Kenan mu ɗauka gurbin bana ya wuce. Na san nan ne yafi ciwo, ace 228 ta tafi a haka. Amma shekara ɗaya ce ta tafi ƙawata, shekarunki goma sha takwas fa, wani jinkirin alheri ne, kuma ƙwaƙwalwar da ta kawo 228 tana nan a kanki babu wanda ya ɗauke ta.

Ga abinda nake gani, in kin huce sai mu zauna mu tattauna. NECO suna da jarrabawar 'yan waje wadda ake yi wajen Nuwamba zuwa Disamba, WAEC ma suna da tasu ta masu zaman kansu, wadda muke cewa GCE, sau biyu ma suke yi, ɗaya a ƙarshen shekara ɗaya a farkon shekara. Yanzu muna Agusta, kinga akwai lokaci amma ba mai yawa ba, ba a fafe gora ranar tafiya, gara a fara maganar rajista tun yanzu kafin a shiga lokacin da suke ƙara kuɗin makara. Makarantu da yawa suna karɓar rizal na zama biyu a haɗa, sai dai akwai kwasa-kwasan lafiya da ake fi son zama ɗaya, don haka ni shawarata in za ki zauna kar ki tafi da lissafi kaɗai a ranki, ki shirya duka biyar ɗin, in Allah Ya sa suka fito tare shikenan kin huta da tambayar wa zai karɓa wa ba zai karɓa ba, in kuma wani ya zame to ga na WAEC ɗinki a ajiye. Bayan haka JAMB su buɗe rajista a farkon shekara ki sake cika fom. Kuma kin san JAMB ɗin jinya babu lissafi a ciki, Turanci ne da bayoloji da kemistiri da fiziks, filinki ne, kin riga kin san yadda kwamfutar take da yadda awa biyun nan take gudu, wannan karon tsoron farko ma babu shi.

Shi kuma lissafin bari in faɗa miki inda nake ganin matsalar take, don na zauna kusa da ke shekara da shekaru na san yadda kike. Ke ba wai baki gane lissafi bane, tsoronsa kike. In malam yana yi a allo kina bi tsaf, kina gyaɗa kai, har ki kwafe a littafi da rubutunki mai kyau kina ja masa layi da jan biro, amma ki rufe littafin ki ɗauki sabuwar tambaya ki yi da kanki, nan ne kike gudu. Karanta shi kike yi kamar bayoloji, shi kuwa sai an yi ta yi da hannu ana kuskure ana gogewa. Kuma ranar jarrabawar da kika fito kince min tambayoyin da'ira da kusurwa kin barsu fayau ko layi ɗaya baki rubuta ba saboda baki da tabbacin amsar ƙarshe. Zee a takarda ta biyu masu maki suna bada maki akan matakan aiki, ki zana hoton, ki rubuta fomula, ki saka lambobin, ko amsar ƙarshe ta kauce kin tsinci wani abu. Tambaya goma ake so ki amsa cikin goma sha uku, biyar na farko dole ne, sauran ki zaɓa, in kin bar biyu ko uku babu komai a ƙarƙashinsu kin zubar da maki mai yawa tun kafin a fara dubawa. Tsakanin E8 da C6 ba wata tafiya bace mai nisa, wlh irin waɗannan makin da ake bari a ƙasa ne.

Nayi magana da Yaya Sadiq, kin san lissafi ya karanta kuma yana koyarwa, yace ki dinga zuwa gidanmu Asabar da Lahadi bayan la'asar ya zauna da ke, ko sisi ba zai karɓa ba, cewa yayi ma ki taho da littafin tsofaffin tambayoyi ku fara daga wanda kika fi tsana. Nima zan zauna tare da ku don kar kiji kunya.

Wani abu kuma, na san za a zo miki da shi in ma ba a riga an zo ba. Za a ce ki bari a kaiki irin santocin nan na ƙauye da ake biyan kuɗi a rubuta amsa a allo. Dan Allah kar ki saurara. Banda haramcin abin, duk shekara sai an riƙe rizal ɗin ɗalibai saboda zargin satar amsa, wasu a soke gaba ɗaya, kuɗi ya tafi shekara ta sake tafiya. Kuma ke jinya za ki yi, watarana ke za ki lissafa adadin maganin da za a ɗura wa jaririn wata, wannan lissafin da kike gudu shi za ki riƙe a hannu a gefen gadon mara lafiya. Gara ki iya shi da gaske.

Maganar Abba kuma da kike jin nauyin haɗa ido da shi saboda kuɗin da ya kashe, Hafsa tace shi tun jiya tambaya yake ko kin ci abinci. Ki fito ki durƙusa ki gaishe shi, ki nuna masa takardar duka ba lissafin kaɗai ba, ki faɗa masa kina so ki sake. Ya fi son yaji daga bakinki akan yaji ana ta yanke shawara akanki a tsakar gida kina ɗaki. Don in kika yi shiru masu cewa "to ai sai a yi mata aure tunda bokon ya ƙi" su za a ji, aure alheri ne kuma lokacinsa na zuwa, amma ba a yinsa don an faɗi lissafi. In kuɗin rajista ne matsala mu faɗa wa Anti Bilki da Kawu, nima adashena yana fitowa ƙarshen wata, kar ki ce min a'a.

Su kuma 'yan ajinmu da suke ta ɗora rizal a sitatus, ki musu fatan alheri a zuciyarki ki rufe, ba dole sai kin kalla ba, guruf ɗin ma ki sa shi shiru na sati biyu babu wanda zai mutu. Duk wanda ya tambaye ki kice lissafi ne bai fito ba zan sake, shikenan, babu wanda yake binki dogon bayani kuma babu abin kunya a ciki.

Na san kalmar da ke cinki yanzu ita ce "da na sani", da na shiga lesin, da ban bar tambayoyin nan ba. Ki tuna abinda Malama ta koya mana a islamiyya, Annabi (SAW) yace kayi kwaɗayin abinda zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kar ka gaza, in wani abu ya same ka kar kace da nayi kaza da kaza ya faru, kace Allah ne Ya ƙaddara kuma abinda Ya so shi Yake yi. Ki riƙe duka biyun Zee, ƙaddarar da kuma "kar ka gaza" ɗin, tare suka zo a hadisi ɗaya.

Yanzu dai abinda nake roƙonki yau ƙarami ne, ki tashi kiyi wanka, ki ci abinci ko loma biyar ce, ki buɗe wa Umma ƙofa don hankalinta a tashe yake. Gobe in sha Allah bayan azahar ina nan zuwa, zan biya in siyo miki awara mai yaji wajen matar nan ta bakin layinku, in kina son magana muyi in ba kya so mu zauna kawai. Ki ajiye min takardar rizal ɗin kar ki yaga, Yaya Sadiq yace in ɗauko masa hotonta. Ki gaida Umma da Hafsa.

Taki,
Maryam