Rubutun Bidiyo: Yadda Za Ku Shiga Intabiyun Neman Aiki da Hujja a Hannu

[Mai gabatarwa tana zaune, tana fuskantar kyamara.]

MAI GABATARWA: Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Na daɗe ina zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, kuma maganar da na fi ji daga bakin masu neman aiki ita ce, "Ni mutum ne mai ƙwazo da haƙuri." Wanda ya fita haka ya ce, wanda ke jira a waje ma haka zai ce, shi ya sa babu ko mutum ɗaya a cikinmu da yake ɗaga biro ya rubuta ta. Abin da ke shiga takardar ba da maki shi ne aikin da mutum ya yi da hannunsa, kuma tun a gida ake tanadar wannan bayani.

[A allo: KAFIN RANAR INTABIYU. Layukan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.]

✓ Ku sake karanta sanarwar aikin, ku ja layi a ƙarƙashin kowane sharaɗi.
✓ Ku rubuta aiki guda da kuka taɓa yi a gaban kowane sharaɗi.
✓ Ku binciki abin da ma'aikatar take yi da waɗanda take yi wa.
✓ Ku tanadi kwafi 3 na takardar tarihin karatunku da aikinku.
✓ Ku isa wurin da saura minti 15.

[Kyamara ta matso kusa.]

MAI GABATARWA: Layi na biyu shi ne ƙashin bayan shirin, domin da wuya a tashi intabiyu ba a ce muku, "Ba mu labarin wata matsala da kuka taɓa warwarewa" ba. Akwai wata matashiya da ta zo neman aikin kula da sito. Da aka yi mata wannan tambaya, sai ta ce a inda ta yi aiki a baya, lissafin littafi da kayan da ke kan kanta ba sa taɓa yin daidai a ƙarshen wata, kuma ita aka ɗora wa gano dalili. Ta bi rasit ɗaya bayan ɗaya har ta gane cewa kayan da ake dawowa da su ba a shigar da su, sai ta buɗe musu shafi na musamman, kuma daga watan da ya biyo baya lissafi ya daidaita. Ba ta kai minti 2 tana magana ba, ba ta kuma yabi kanta da kalma ko ɗaya ba, amma ina kallon abokan zamana duk sun sunkuya suna rubutu.

[A allo: TSARIN AMSA. Muryar mai gabatarwa tana karantawa.]

1. Wane hali aka shiga?
2. Wane nauyi aka ɗora muku?
3. Wane mataki kuka ɗauka da kanku?
4. Mene ne sakamakon?

[Mai gabatarwa ta dawo.]

MAI GABATARWA: Ku fi daɗewa a kan na uku, kuma ku ce "na yi" a inda ku kuka yi. Na san da yawanmu kunya takan sa mu fake da "mun yi", to amma kwamitin mutum ɗaya zai ɗauka, ba ofishin da kuka baro ba. Wanda bai taɓa aikin albashi ba kada ya karaya, domin aikin binciken kammala karatu ko aikin sa-kai duk suna shiga wannan tsari.

Idan aka tambaye ku dalilin barin wurin aikinku na baya, ku faɗi abin da kuke nema a gaba, ku bar tsohon shugabanku ya huta, ko da kuwa shi ne da laifi. Tambayar da ba ku san amsarta ba kuwa, ku ce ba ku sani ba, sannan ku bayyana yadda za ku nemo ta. Kame-kame nan take ake gane shi.

[A allo: IDAN TA INTANET CE]

✓ Ku gwada kyamara da makirufo tun ana gobe.
✓ Haske ya kasance a gabanku, ba a bayanku ba.
✓ Ku kalli kyamara lokacin da kuke magana.

[Mai gabatarwa ta dawo.]

MAI GABATARWA: A ƙarshe za a ce ko kuna da tambaya. Ku tambayi abin da ake sa ran wanda aka ɗauka ya cim ma a watanni 3 na farko, da kuma lokacin da za a ji sakamako. Kafin awa 24 ta cika, ku aika gajeren saƙon godiya da ya ambaci abu ɗaya daga cikin abin da aka tattauna. A shiri na gaba za mu duba yadda ake maganar albashi. Sai mun sake saduwa.

[Allo ya dawo da TSARIN AMSA na daƙiƙa 10, sannan hoto ya dushe.]