Neman Tallafin Gyaran Famfunan Ruwa 4 a Unguwar Duwalare, Marwa

Zuwa ga Kwamitin Tallafin Ƙananan Ayyuka,

Assalamu alaikum. Mu mata 42 ne, ƙungiyarmu tana da rajista a gundumar Jamare bisa dokar ƙungiyoyi ta Kamaru ta 19 ga Disamba 1990. Muna neman sefa 2,500,000 don aikin wata 8, daga Nuwamba zuwa Yuni.

Matsalar

Famfunan hannu 5 ne a sashenmu mai gidaje 320, ɗaya kaɗai ke aiki. Sauran 4 rijiyoyinsu da ruwa, robobi da bututu ne suka lalace. Daga Maris, idan zafi ya tsananta, 'yan matanmu sukan gangara cikin mayo, wato busasshen kogi, su tona rairayi, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo, wasu har su makara makaranta. Mun tsaya mako guda da agogo a bakin famfon da ya rage: mace tana jiran layi kusan awa 2 kafin ta cika jarka.

Ba sabuwar rijiya muke roƙo ba. An yi mana rijiyoyi, mun gode. Abin da ba a bar mana ba shi ne mai gyara da kuɗin gyara.

Manufa

Famfunan 4 su dawo aiki kafin ƙarshen Disamba, kuma unguwa ta riƙe su da kuɗinta.

Ayyuka da kuɗinsu

A Nuwamba da Disamba za a ciro bututun, a sauya abin da ya ci, sefa 1,600,000. Daɓen siminti da magudana, don kada ruwa ya kwanta a gindin famfo, 400,000. Maigyaran zai yi aikin tare da matasa 6, biyu daga ciki mata, su koya da hannunsu, a bar musu akwatin kayan aiki, 600,000. Gwajin ruwa da maganin tsaftace shi, 200,000. Jimla 2,800,000. Mun riga mun tara 300,000 daga adashinmu, yashi da leburanci kuma na mazajenmu ne.

Daga Janairu kowane gida zai ba da sefa 200 a wata. Kwamitin mutum 5 zai riƙe asusun, ba a fitar da ko sisi sai da sa hannun biyu, kuma mai unguwa ya amince a karanta lissafi a ƙofar gidansa duk ƙarshen wata.

Abin da za ku auna mu da shi a Yuni

Jiran layi ya sauko ƙasa da minti 30, da agogo ɗaya za mu sake aunawa a Afrilu, lokacin da ruwa ya fi wuya. Kada famfo ya wuce kwana 3 a lalace. Gidaje 256 aƙalla su riƙa biya, asusu ya kai 300,000. Rahoto biyu za mu kawo, Fabrairu da Yuni, da rasiɗai da littafin kowane famfo.

Allah ya saka da alheri.

Shugabar ƙungiya, a madadin mambobi