Godiyata Ga Duk Waɗanda Suka Taya Ni Murnar Cika Shekara Sittin

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, iyayena da yayyena da ƙannena, abokan karatu da abokan aiki, ɗalibaina na jiya da na yau, da maƙwabta da sauran 'yan uwa na nesa da na kusa.

Jiya Alhamis, 6 ga Nuwamba, 2025, Allah cikin ikonsa ya nuna mini cikar shekara sittin a duniya. Tun kafin in dawo daga sallar Asuba saƙonninku suka fara shigowa, kuma ba su tsaya ba har bayan Isha'i. Da 'yata Hauwa'u ta zauna ta ƙirga mini na shafin nan na Facebook da na WhatsApp, sai ta ga sun haura ɗari uku, ban da kiran waya da waɗanda suka tako da ƙafarsu har gida. Na fara amsawa ɗaya bayan ɗaya da hantsi, na kai kamar mutum ashirin, sannan na lura cewa kalmomi uku ne nake ta maimaitawa: amin, na gode. Wanda ya rubuto mini layi ɗaya da wanda ya zauna ya tsara mini addu'a mai tsawo, har ya tuno abin da ya haɗa mu shekara talatin da suka wuce, duk amsa iri ɗaya suke samu daga gare ni. Wannan bai kwanta mini a rai ba, don haka na ajiye wayar, na ƙuduri niyyar in karanta kowane saƙo a natse tukuna, sannan in rubuto muku amsa guda ɗaya wadda zan faɗi abin da ke cikin zuciyata. Na karanta su duka, daga na farko har na ƙarshe, wasu ma sau biyu, kuma ina roƙon duk wanda bai ga amsa a ƙarƙashin saƙonsa ba ya ɗauki wannan a matsayin tasa.

Mu da aka haifa a cikin birnin Zariya a wancan zamani ba mu tashi mun ga ana tunawa da ranar haihuwa ba. Da yawa daga cikin tsararrakina shekarunsu da wani abin da ya faru ake auna su, a ce an haifi wane shekarar da aka yi kaza, ko ana saura kwana kaza a ɗauki azumi. Ni dai na san tawa ranar ne saboda mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da al'adar rubuta haihuwar kowane ɗa nasa da ajami a bayan bangon wani littafinsa na fiƙihu. Littafin yana hannuna har yanzu, takardunsa sun yi ja, gefensu ya fara gutsirewa, amma rubutun tawadar yana nan raɗau: sunana, da sha biyu ga Rajab, shekara ta 1385 bayan Hijira. Sai da na girma na shiga makarantar horon malamai sannan aka lissafa mini aka ce ya yi daidai da 6 ga Nuwamban 1965. Da lissafin da mahaifina ya yi amfani da shi, saura kamar wata biyu in cika sittin da biyu. Jiya da daddare na ɗauko littafin na nuna wa jikokina layin da kakan iyayensu ya rubuta da hannunsa, na karanta musu sunayen 'yan uwana tara da ke jere a wurin, huɗu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ina roƙon duk wanda ya yi mini addu'a jiya ya ƙara da su da iyayenmu a cikin addu'arsa ta wannan rana ta Juma'a.

Godiyata ta farko ga manyana ce. Gwaggona da ke Kwarbai, wadda ita ta goye ni, ba ta da shafi a ko'ina kuma ba ta karanta boko, amma ta sa jikarta ta ɗauki muryarta a waya ta aiko mini. Minti huɗu ta yi tana sa mini albarka, tana kirana da sunan da ba wanda ya rage yana kirana da shi sai ita. Gwaggo, na ji, kuma na saurara har sau uku. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sa mu gama da ke lafiya. Haka kuma Yaya Babba da ya bugo daga Kaduna tun da sassafe, da surukaina na Tudun Jukun da suka aiko da gaisuwa, Allah ya bar zumunci, ya saka muku da mafificin alheri.

Sai abokan ƙuruciya, waɗanda muka yi firamare tare, muka tsaya cikin taro muna yara 'yan shekara goma lokacin da marigayi Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris ya hau karaga a 1975, muka kuma ga yadda azuzuwa suka cika maƙil da sababbin ɗalibai da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976. Ɗaya daga cikinku ya saka hotonmu na aji bakwai, muna tsaye a gindin darbejiya, ni ne na uku daga hagu a layin baya, rigata ta fi ƙarfina. Na daɗe ina kallon fuskokin nan ina kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya adana wannan hoto kusan shekara hamsin sannan ya fito da shi jiya, ya ba ni kyautar da kuɗi ba ya saye. Abokan karatuna na tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta nan Zariya, da waɗanda muka yi karatun dogon hutu tare a Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin da muke koyarwa a zangon karatu mu koma ɗalibai idan an yi hutu, na ga saƙonninku a zaurenmu, kuma na gode ƙwarai da ba ku manta da ni ba.

Amma in faɗi gaskiya, saƙonnin da suka fi sa ni zubar da hawaye na ɗalibaina ne. Na fara riƙe alli a 1986, kuma ban taɓa ƙirga yaran da suka bi ta hannuna ba, domin malami yana shuka ne ba tare da ya san inda irin zai tsira ba. Jiya na ga inda wasu suka tsira. Wata ta rubuto daga asibitin koyarwa na Shika inda take aikin jinya, wani daga shagonsa na ɗinki a kasuwar Sabon Gari, wani yana tuƙa babbar mota tsakanin Legas da Kano ya tsaya a hanya ya aiko da murya, wasu kuma sun zama malamai kamar ni, har suna ce mini da irin salon da na koya musu jadawalin sau suke koya wa nasu ɗaliban. Akwai wanda ya tuna mini ranar da ya zo makaranta babu littafin rubutu, na tsaga nawa biyu na ba shi rabi. Wallahi na manta da wannan rana ɗungurungum, shi kuwa ya riƙe ta shekara talatin da huɗu, har ya ce duk farkon zango yana sayen littattafai ya kai wata makarantar unguwarsu saboda ita. Ɗana, abin da kake yi ya fi abin da na yi maka nesa ba kusa ba, Allah ya karɓa, ya sa ka gama da iyayenka lafiya. Ku kuma da na taɓa tsananta wa a aji, ko na yi wa hukuncin da ya wuce laifinku, ina neman afuwarku a bainar jama'a, domin wanda ya kai wannan shekaru ya kamata ya nemi yafiya tun yana da bakin nema.

Wasu 'yan uwa, cikin ladabi da ƙauna, sun rubuto mini a keɓe cewa ba sa ganin dacewar murnar zagayowar ranar haihuwa, amma duk da haka sun yi mini addu'ar cikawa da imani. Na fahimce ku, na kuma girmama matsayinku, kuma addu'arku ta isa inda aka aike ta. Ni ma ban tara jama'a ba, ban yi wani shagali ba. Uwargida ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe kamar yadda takan yi idan yara sun zo, muka ci tare, aka kai wa maƙwabta. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne tunatarwa, domin ya zo a hadisi cewa shekarun wannan al'umma tsakanin sittin ne zuwa saba'in, kaɗan ne suke wuce haka. Wanda ya taka sittin ya shiga wannan zango, don haka addu'ar da ta fi sanyaya mini zuciya a cikin duk abin da kuka rubuto ita ce ta kyakkyawan ƙarshe.

Ba zan rufe ba sai na ambaci mutanen gida. Uwargida, shekara talatin da biyar ke nan kina haƙuri da albashin malamin makaranta da tarin littattafan gyara a kan tabarma, ba ki taɓa bari yara sun gane ranar da babu ba. Allah ya biya ki da Aljanna. 'Ya'yana da jikokina, na ga abin da kowannenku ya rubuta a shafinsa, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku fiye da haka. Jama'ar masallacin unguwarmu a Tudun Wada, da mai shayin bakin layi da ya ƙi karɓar kuɗina jiya da safe, da yaran maƙwabta da suka shigo a jere suna cewa Baba Malam barka, duk kuna cikin wannan godiya.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, ya kuma sanar da mu cewa idan Musulmi ya yi wa ɗan uwansa addu'a a bayan idonsa, mala'ika yakan ce amin, kai ma kana da irinta. To, duk alherin da kuka roƙa mini, na lafiya da rufin asiri da albarkar zuri'a da cikawa da imani, ina roƙon Allah ya ba kowannenku ninkinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasar Zazzau da Nijeriya baki ɗaya lafiya.

Waɗanda suka tambayi lambar wayata, ba ta canza ba, ita ce dai wadda kuka sani. Waɗanda suka yi kira jiya ban samu ɗauka ba, zan bi ku ɗaya bayan ɗaya cikin wannan mako in Allah ya yarda, zan kuma fara da dattawa. Wanda hanya ta biyo da shi Zariya kuwa, ina gida kullum bayan La'asar, ya tsaya mu gaisa ko da a zaure ne.

Naku,
Malam Shu'aibu
Tudun Wada, Zariya
Juma'a, 7 ga Nuwamba, 2025