Takardar koke kan kuɗin katin da aka cire daga layin kawuna

Kasuwar Mil 12,
Ketu, Legas.
Litinin, 13 ga Oktoba, 2025.

Shugaban Sashen Kula da Abokan Hulɗa,
Ofishin Kamfanin Sadarwa,
Legas.

Ranka ya daɗe,

KOKE KAN CIRE NAIRA 4,788 DAGA LAYIN DA LAMBARSA TA ƘARE DA 4417

Bayan gaisuwa. Ina rubuta wannan takarda ne a madadin kawuna, Alhaji Sale, mai sayar da albasa a nan Kasuwar Mil 12, kuma da izininsa. Shi ne mai layin, da sunansa aka yi rajista, an kuma haɗa shi da lambarsa ta katin ɗan ƙasa. Cikakkiyar lambar layin tana jikin kwafin takardar rajistar da na maƙala a baya. Kawu ajami yake karantawa, bai yi boko ba, shi ya sa ya ce in rubuta.

Abin da ya gaya mini bai fi magana biyu ba. Ya ce: "Na sa katin dubu biyar da dare, na wayi gari babu." Na tambaye shi ko wani saƙo ya shigo, ko ya danna wani abu, ko ya ba wani aron wayar. Ya ce wayar a aljihun rigarsa ta kwana, sauran kuma ku za ku sani. Ba zan ƙara masa abin da bai faɗa ba. Zan dai kawo abin da na gani da idona a wayar da kuma abin da ke kan takarda.

Ranar Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan sallar isha, mai na'urar cire kuɗi da ke kusa da rumfarsa ya tura masa katin naira 5,000. Rasit ɗin yana nan, na haɗa kwafinsa. Jerin kiran da ke wayar ya nuna kira biyu kacal bayan nan: ɗaya na minti uku zuwa gida Aliero, ɗaya kuma bai kai minti biyu ba, zuwa ga direban motar kayansa. Da safiyar Juma'a, 10 ga wata, ya zo zai yi kira, suna cikin gaisawa layin ya katse. Na danna *310# a gabansa, wayar ta nuna naira 212. Idan ma an ɗauka babu ko kwabo a layin kafin katin ya shiga, naira 4,788 ke nan suka tafi cikin dare ɗaya. Ku cire kuɗin waɗannan 'yan mintoci, ba mu da ja. Ragowar muke tambaya.

Na zauna na yi tunanin duk hanyoyin da kati ke bi ya zube, don kada mu ɗora muku laifin da ba naku ba. Wayar Kawu ƙarama ce mai maɓalli, ba ta shiga intanet, saboda haka maganar data ta cinye kati ba ta taso ba. Ya ce bai taɓa cin bashin kati ba, kuma na yarda da shi, domin mutum ne da ko shayi ba ya sha bashi. Na san cewa tun watan Yunin bana kuɗin da ake caji idan mutum ya yi hulɗa da banki ta lambobin dannawa daga kati ake cire shi, naira 6.98 a kowane shiga. To kafin a cinye abin da ya ɓace ta wannan hanya sai ya shiga kusan sau 700 tsakanin isha da asuba. Abin da ya rage shi ne ko an saka layin cikin wani tsari mai sabunta kansa, irin na waƙar kira ko wasannin caca ko saƙonnin labarai, ko kuma an tura katin zuwa wani layi. Akwatin saƙonsa ya daɗe da cika, sabo ba ya shiga, kuma ko da ya shiga da Turanci kuke turowa. Idan akwai wani tsari da aka ce ya amince da shi, ina so a nuna mana ranar da ya amince da yadda ya amince. Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta hana a saka mutum cikin irin wannan tsari ba da yardarsa ba.

Wataƙila a wurinku dubu biyar ba wani abu ba ne. Ga abin da ta jawo a nan. A safiyar Juma'ar motar albasarsa da ta taso daga Kebbi ta lalace tsakanin Mokwa da Jebba. Direba yana ta yi masa filashin, shi ma ba kati, Kawu kuma ya kasa bin kiran. Sai da aka buɗe shaguna ya sake sayen wani katin, sannan ya samu ya turo kuɗin makaniki. Albasa ba ta son zama a cikin buhu a rana, kuma a wannan watan da take tsada kowane buhu da ya ruɓe asara ce mai nauyi. Wannan waya ita ce ofishinsa. Da ita yake ciniki da manoma da dillalai, da ita yake jin lafiyar iyalinsa da ya bari a gida. Ba mu zo neman diyyar albasa ba, na faɗa ne don ku san abin da kuka taɓa.

Ranar Juma'ar da yamma na kira 300 da wayarsa. Bayan dogon jira wata ma'aikaciya ta ɗauka, ta ce za a duba a kira mu. Na nemi lambar koken, ta ce za ta zo ta saƙo, duk da na gaya mata akwatin a cike yake. Na goge tsofaffin saƙonnin a daren, amma har yau ba saƙo, ba kira. A ranar na tura STOP zuwa 2442 domin a daina turo masa tallace-tallace, na kuma danna *305# don in tsayar da duk wani tsari da ke kan layin. Ban samu amsar da ta gamsar da ni ba.

Mu sakamako kawai muka gani. Ku ne ke riƙe da lissafin kowane kwabo da ya shiga layin nan ko ya fita, da lokacinsa da inda ya nufa. Saboda haka muna neman ku ba mu cikakken bayanin abin da aka cire daga daren 9 ga Oktoba zuwa safiyar 10 ga wata, a rubuce, kowane ɗaya da sunansa da adadinsa. Duk abin da ba kira ba ne, kuma ba ku da shaidar yardarsa a kai, ku mayar masa da shi a layin. Ku cire shi daga kowane tsari mai sabunta kansa, ku kuma ba mu lambar wannan koke. Idan wani zai kira Kawu kan maganar, don Allah a samu mai jin Hausa, tunda kuna da su.

Za mu jira amsarku har ranar Litinin, 20 ga Oktoba. Idan ba mu ji komai ba, za mu kai ƙara Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta layinta na 622, tare da kwafin wannan takarda da rasit ɗin. Kawu ya fi shekara goma sha biyar da layin nan, duk abokan cinikinsa daga Sakkwato zuwa Legas da shi suka san shi, kuma ya ce ba ya son ya canza.

Na karanta masa takardar daga farko har ƙarshe, ya amince da abin da ke ciki, ya sa hannu da ajami a ƙasa da nawa.

Naku,

Bashir Umaru
A madadin Alhaji Sale, mai layin